Kafin a Shafa Gam: Yadda Ake Gane Sikirin da Batir na Jabu

Wannan rubutu kuɗina ne ya saye shi, domin sai da na yi asarar kuɗin abincin kusan wata guda kafin na san abin da zan faɗa muku a nan. Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗuwa fuska ƙasa ya san wannan faɗuwar gaban, ya kuma san tambayar da mai gyara zai tare shi da ita: "Orijina za a sa ko kwafi?" Yawancinmu mukan ce orijina, mu biya, mu karɓi waya tana ƙyalli, mu kama gabanmu. Abin da aka saka mana a ciki kuwa, sai bayan mako biyu yake fara magana.

Ni ɗan Birnin Gwari ne, kuma wayata Samsung Galaxy A50 ce, irin wadda ta fito a 2019, na saye ta a hannu. Lokacin hutu ta suɓuce daga aljihuna ina kan babur, sikirin ya tsage, rabinsa ya yi baƙi. Na kai wa wani mai gyara a cikin gari, na ce tunda za a buɗe ta a haɗa da batir gaba ɗaya, don dama ya fara gajiya. Ya ce ba shi da kayan a shago, amma zai sa a ba direba daga Kaduna. Haka abin yake a wajenmu. Kayan ƙananan wayoyi da kowa ke riƙewa za ka same su a gari, amma da zarar waya ta ɗan bambanta sai an aika Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 100 ta Buruku da Udawa, ko kuma a yo oda daga Kano. Na ba shi naira dubu 48 a kan sikirin da aka ce orijina ne, da dubu 9 na batir. Bayan kwana uku na karɓi waya.

Sai wanda ya fito daga yanki irin namu zai gane dalilin da ya sa batir ba abin wasa ba ne. Idan ka hau wannan hanyar da ta ratsa daji, mutanen gida ba sa samun natsuwa sai sun ji muryarka cewa ka wuce wuri kaza. A ƙarshen Satumbar 2021 aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, muka yi makonni muna ɗanɗana rayuwa babu kira. Ko a lokacin da layi yake nan, akwai wurare da yawa a hanya da sabis ke rauni, kuma waya ta fi shan caji a inda take ta laluben sabis, domin tana ƙara ƙarfin aikawa ne don ta kai ga tangaraho. Ranar da zan dawo makaranta na bar gida da caji 100. Kafin mu iso Buruku waya ta nuna 31, sai kawai ta ɗauke. Da na samu caji a Kaduna na kunna, na tarar da kiran Inna har ban iya ƙirgawa ba. A gida har an fara koke-koke.

Wani yayanmu a sashe, wanda ya yi shekaru yana gyaran waya kafin ya dawo karatu, shi ya ce in kawo mu buɗe. Ko buɗewar bai yi ba, ya juya ta a hannu sau biyu ya ce, "Ƙanena, insel aka sa maka." Abin da ya nuna mini a ranar, da wanda na ci gaba da koya a gefen teburinsa, shi ne wannan.

Gefen sikirin ba ya iya ƙarya

Da farko a san cewa kalmar orijina a bakin 'yan kasuwa tana da ɗakuna da yawa. Akwai sabon sikirin na kamfani, wanda ake ce wa sabis-fak, yakan zo a kwalinsa haɗe da firam, kuma na Samsung lambar kayansa takan fara da GH82 ko GH97. Akwai na cire, wato na asali da aka ɓalle daga wata wayar da ta mutu. Akwai na asali da gilashin samansa ya fashe aka sake masa wani gilashin. Sai kwafi, shi ma kashi biyu: mai oled, da mai arhar da ake kira insel. Mai shago zai iya kiran huɗun farko orijina ba tare da ya ji ya yi ƙarya ba. Saboda haka tambayar "orijina ne?" ba ta da amfani. Ka tambaye shi wanne daga cikin waɗannan.

Sikirin A50 na asali amoled ne, inci 6.4, mai ɗigogi 1080 a faɗi da 2340 a tsawo. A amoled kowane ɗigo shi ke ba da haskensa da kansa, idan kuma ana son baƙi sai ɗigon ya mutu gaba ɗaya. Insel kuwa elsidi ne, ɗigoginsa ba su da haske, tamkar labule ne a gaban fitila. Dole a jera ƙananan fitilu a gefen ƙasa, a shimfiɗa faranti a baya mai watsa hasken ko'ina. Duk alamomin da ake gani a gefe daga wannan fitilar suka samo asali, kuma babu dabarar da za ta ɓoye su da arha.

Fitilun nan suna buƙatar wurin zama, don haka baƙin gefen da ke ƙasan sikirin yakan fi na asali faɗi. Muka ajiye wayata kusa da A50 ta wata 'yar ajinmu da ba a taɓa buɗewa ba, muka buɗe farin shafi a duka biyun, muka ɗora rula. Baƙin gefen ƙasa na wayata ya ɗara nata da kusan milimita biyu, gefen dama da hagu ma sun fi kauri, wato hoton nawa ya tsuke. Abin haushi, kwana da kwanaki ina kallon wayar ina jin kamar ta ƙanƙance amma ban kawo komai a raina ba. Kusurwoyin ma ba su bi lanƙwasar gilashin daidai ba, sai ka ga harafin farko na agogon da ke can sama kamar an ɗan gutsure shi.

Farantin hasken kuma yana ƙara kauri. Ka shafa farcenka daga firam zuwa gilashi. A wayar da ba a taɓa ba za ka ji sun haɗu lafiya lau, a tawa kuwa gilashin ya ɗan ɗago sama, ana ganin layin baƙin gam a tsakani. Wannan ɗagowar ba muni kawai ba ce. Gilashin da ya fito waje shi zai fara dukan ƙasa idan waya ta faɗi, shi ya sa za ka ji mutum na cewa ya canza sikirin sau uku a zango ɗaya, yana zargin hannunsa.

Sai gwajin da ya fi kowanne sauƙi. Ka samu hoton da baƙi ne wuluk, ka ƙure hasken waya, ka shiga wuri mai duhu, ko ka rufe kanka da wayar da rigarka idan a kasuwa kake. Amoled na gaske zai yi kamar an kashe wayar. Insel zai yi toka-toka yana haske, kuma a gefen ƙasa za ka ga hasken na tsiyaya kamar hasken ɗaki ta ƙarƙashin ƙofa. Tawa har fuskata take haskawa.

A nan ne kuma na gane dalilin da ya sa wayar ta daina karanta yatsana. A50 tana karanta yatsa ne ta cikin sikirin: ɗigogin su haska yatsa, wata 'yar kyamara da ke ƙarƙashi ta ɗauki zanensa ta cikin farantin amoled, wanda haske ke iya ratsawa. Farantin fitilar insel ya toshe wannan hanyar. Mai gyaran ya ce mini in yi haƙuri, sai na sabunta manhaja zai dawo. Ba zai taɓa dawowa ba. Amma a yi adalci: ko sikirin na asali aka saka, wani lokaci karatun yatsa kan yi gardama sai an sake saita shi. Don haka rashin karatun yatsa shi kaɗai ba hujja ba ce, sai ya haɗu da baƙin da ke haske.

Masu Samsung suna da wata ƙofa ta gwaji. Ka buɗe wajen buga lamba ka danna:

```
*#0*#
```

Za ka ga akwatuna. RED da GREEN da BLUE suna cika fuskar da launi ɗaya, don ka ga ko akwai tabo ko mataccen ɗigo. TOUCH kuma zai ba ka layukan ƙananan akwatuna da za ka bi da yatsa. Ka fi mai da hankali a kan na gefe da na kusurwa, domin nan ne kwafi ya fi gazawa, kuma nan ne harufa irin su q da p suke a allon rubutu.

Na san da yawa cikinmu Tecno ko Infinix ko itel muke riƙewa, kuma yawancin masu sauƙin kuɗinsu dama da elsidi suka fito daga kamfani. A irin waɗannan gwajin baƙi ba zai gaya maka komai ba, tunda na asalin ma yana haske. Abin dubawa shi ne farin shafi: ko hasken ya bazu daidai ko akwai ɗigon haske masu ƙarfi a jere a ƙasa, ko farin ya koma shuɗi-shuɗi. Ka kuma fita da ita rana tsaka ka ga ko za ka iya karanta saƙo. Sannan ka ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan gilashin. Sabon gilashi mai kyau yana da wani shafe da ke korar maiƙo, ruwan zai dunƙule ya gangara, a kan mai arha kuwa sai ya baje.

Rubutun kan fileks

Fileks shi ne siririn ɗamarar nan mai launin ruwan zuma ko baƙi da ta fito daga bayan sikirin ta shiga allon waya. A kanta akwai rubutu: lambar kaya, lambar zubi, wasu lambobin da ke nuna lokacin ƙira, da ɗan tambari mai murabba'i irin wanda na'ura ke karantawa. Kuskuren da mutane ke yi, har da wasu masu gyara, shi ne su ga sunan kamfani a nan su ce shi ke nan, magana ta ƙare. Yayan namu ya ce mini wata magana da na riƙe: rubutu na iya kama ɓarawo, amma ba ya iya wanke kowa. Buga suna a kan fileks shi ne abu mafi arha a duk aikin jabu.

Saboda haka amfanin rubutun yana wajen kwatantawa, kuma abin kwatancen yana hannunka kyauta, wato tsohon sikirin ɗinka da ya fashe, muddin ba a taɓa canza shi ba. Ka ce a ajiye su biyun gefe da gefe, ka ɗauki hotonsu da wayar aboki ka zuƙo. Na yi sa'a na karɓo tsohon nawa a leda, ba don wayo ba, don in nuna wa Baba dalilin kuɗin da na roƙa. Da muka jera su, bambancin ya fito fili. Harufan tsohon sirara ne masu kaifi, tambarin murabba'in kowane ɗigonsa a rabe. Na sabon harufansa sun yi kauri sun ɗan jiƙe, kamar hatimin da aka cika wa tawada, tambarin kuma ya cuɗe. Da muka goga auduga mai ɗan sifirit a kai, sunan kamfanin ya fara bin audugar, alhali lambobin da ke kusa da shi ba su motsa ba. Wato daga baya aka buga sunan.

Ko da rubutun ya yi kyau, ka dubi siffar fileks ɗin kansa. Tsawonsa, inda ya lanƙwasa, da jerin ƙananan kayan da aka dasa a kansa. Tunda insel na buƙatar wuta ta musamman don fitilunsa, za ka ga ƙarin kayan da babu su a tsohon, wani lokaci har da wani siririn reshe da aka yi wa walda zuwa farantin hasken. Bayan sikirin ɗin ma daban ne: na insel farantin ƙarfe ne mai sheƙi da kauri.

Akwai kuma akasin haka, wanda ke rikita mutane. Wani sikirin za ka ga an shafe wurin sunan kamfani da baƙar tawada ko an liƙa takarda a kai. Wannan ba lallai jabu ba ne, sau da yawa na cire ne ko wanda aka sabunta, 'yan kasuwa suka rufe sunan don gudun rigimar tambarin kamfani wajen shigo da kaya. Haka nan akwai kwafin da ba ya ɓoye kansa, yana ɗauke da sunan masana'antar da ta yi shi. Ni a wajena wannan ya fi mutunci, ka san abin da ka saya kuma kuɗinsa ka biya. Kwafi ba laifi ba ne, ɗalibin da ke da dubu 20 ba zai zauna babu waya ba. Laifin shi ne a sayar maka da shi da kuɗin orijina.

Kayan nan yawancinsu daga Shenzhen ta ƙasar Sin suke tasowa, inda babbar kasuwar Huaqiangbei take, su sauka Legas ko Kano, a manyan kasuwannin waya irin na Ikeja da Fam Santa da titin Beirut, daga nan su rarrabu zuwa Kaduna da ƙananan garuruwa. A waɗannan kasuwanni akwai kowane daraja na kaya, mai kyau da mai arha, kowanne da farashinsa. Dillalai sukan buga hatiminsu a bayan sikirin ko a kan fileks, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce suna karɓar kaya a mayar matuƙar ba a ɓare ledar fuska ba, ba a kuma shafa gam ba. Wannan ƙa'idar ce ta sa duk binciken da na lissafa yake da lokaci ɗaya tak. Mai gyara zai iya maƙala fileks ɗin a allo ya kunna waya sikirin na kwance a kan tebur, ba tare da ya liƙe komai ba. A wannan mintuna biyar ɗin za ka yi gwajin baƙi, ka bi akwatunan TOUCH, ka jera fileks biyu. Da zarar gam ya taɓa shi, ya zama naka. Ga wanda ke Kaduna ko Kano mayar da kaya tafiyar Keke Napep ce. Ga mai gyara a Birnin Gwari kuwa sai ya sake neman direba, ya biya kuɗin aike, ya jira kwanaki, don haka shi ma ransa ya fi son ya liƙe kawai ya sallame ka.

Batir da lissafin 'yan aji ɗaya

Batir ya fi sikirin wahalar ganewa, domin jaka ce a rufe, ba ka ganin cikinta. Amma masu buga takardar jabu sukan yi wa kansu tarko da lambobi. A jikin kowane batirin kirki akwai abubuwa uku: ƙarfin wuta da V, yawan cajin da yake ɗauka da mAh, da kuma jimillar makamashi da Wh. Ukun nan a ɗaure suke da juna:

```
Wh = (mAh × V) ÷ 1000
```

Batirin A50 lambarsa EB-BA505ABU, mai 4000 mAh a kan 3.85 V. Idan ka buga, 15.4 Wh zai ba ka. Wanda aka saka mini an rubuta masa 5200 mAh da manyan harufa, har mai gyaran yana yi mini albishir cewa ya fi na kamfani ƙarfi. A ƙasa kuma da ƙananan harufa an bar 3.85 V da 15.40 Wh yadda suke. To 5200 sau 3.85 ai 20.02 Wh ne. Sun kwafi takardar asali suka canza lamba ɗaya da suka san ita mai saye ke kallo, suka manta da sauran. Ko da ma lissafin ya daidaita, hankali zai gaya maka cewa ramin batir a cikin waya bai ƙara girma ba, kuma babu yadda za a cusa ƙarin kashi 30 cikin 100 a jaka mai girma ɗaya a kuma sayar da ita da arha.

Kada kuma ka rikice idan ka ga lambobin mAh biyu a batirin asali, ɗaya ta ɗan gaza ɗaya kaɗan. Ƙaramar ita ce mafi ƙarancin abin da kamfani ya yi alkawari, babbar kuma matsakaicin abin da ake samu. Wannan alama ce ta gaskiya.

Sauran abin dubawa a jikin takardar, irin na fileks ne. Kuskuren harafi a cikin gargaɗin Turanci, tambarin da ya cuɗe, takardar da aka liƙa a karkace ko aka ɗora a kan wata. Ka shafa yatsa, idan ka ji tudun wata takardar a ƙasa, tsohon batir ne aka yi wa sabuwar riga. Ka duba ranar ƙira, domin batirin litiyam yana tsufa ko ba a amfani da shi, musamman a zafi irin namu, don haka na asalin da ya shekara huɗu a cikin shago ba sabo ba ne. Idan kuma kana gaban tulin batura a shago, ɗauki biyu ka duba lambar siriyal. In ta zo iri ɗaya, hoton takarda ɗaya aka yi ta bugawa.

Abin da takarda ba ta iya ɓoyewa shi ne nauyi. Makamashin batir yana tafiya da yawan sinadarin da ke ciki, sinadari kuma nauyi gare shi. Ka ɗora tsoho da sabo a ƙaramin sikeli, irin wanda masu sayen zinare a garinmu ke amfani da shi. Tsohon batir ba ya rage nauyi don ya gaji, saboda haka ya kamata su zo kusan ɗaya. Nawa sabon ya gaza tsohon da giram 17. Da muka latsa ƙasan jakar a hankali, sai muka ji wajen da babu komai sai wani abu mai laushi kamar soso da aka cike gurbi da shi. A hankali na ce, kada wani ya je ya lanƙwasa batir ko ya soke shi da allura don bincike, wuta yake kamawa.

Daga ƙarshe muka auna shi da 'yar mitar nan da ake maƙalawa tsakanin caja da waya. Muka bar wayar ta mutu da kanta, muka yi mata caji a kashe har ta cika. A nan akwai inda ake tuntuɓe: lambar mAh da mitar ke nunawa an ƙirga ta ne a kan wutar caja, 5 V ko 9 V, ba a kan wutar batir ba, don haka Wh za ka karanta. Sannan ba duk abin da ya shiga ke zama a batir ba, wani yana tafiya a zafi, mu mun ɗauka kusan kashi 85 cikin 100 ne ke zama. Mitar ta nuna 10.6 Wh.

```
10.6 × 0.85 = 9.0 Wh
9.0 ÷ 3.85 × 1000 ≈ 2340 mAh
```

Lafiyayyen batirin A50 da ya sha kusan 18 Wh a wannan gwajin. Wato abin da aka rubuta wa 5200 bai kai rabin hakan ba, bai ma kai kashi 60 cikin 100 na batirin asali ba. Lissafin ba na ɗakin bincike ba ne, zai iya kaucewa da ɗari biyu ko uku, amma giɓin ya fi ƙarfin kuskure. Wannan ya bayyana abin da ya faru a hanyar Buruku. Wayar tana lissafin kaso ne da zaton tana da batir mai 4000, ga shi kuma ƙaramin batir mara inganci wutarsa kan faɗi ƙasa da zarar an ja shi da ƙarfi, kamar lokacin laluben sabis. Sai waya ta ga wutar ta yi ƙasa da abin da za ta rayu a kai, ta kashe kanta tana nuna 31. Ga kuma fitilar insel da ke ci ko da fuskar baƙa ce. Jabu biyu ne suka haɗu a kaina.

Masu iPhone suna da ɗan sauƙi. Tun daga iOS 15.2, idan ka shiga Settings, General, About, za ka ga Parts and Service History in an taɓa canza wani abu, kuma kayan da wayar ba ta gane ba takan rubuta masa Unknown Part. Sai dai an sha ganin wannan rubutu a kan kayan asali da aka ciro daga wata wayar, kuma akwai masu dasa ɗan allon tsohon batir a kan sabuwar jaka don kada gargaɗin ya fito. Ko a can ɗin, ido da sikeli ba su daina aiki ba.

Da aka yi hutu na koma gida da hotuna a waya da batirin a leda. Na gaishe da mai gyaran, na ce, "Oga, kayan nan da aka sa mini akwai magana." Ya karɓi batirin, na nuna masa lambobin, na buga lissafin a gabansa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan makaranta, wallahi batirin nan haka aka turo mini shi, ni ma da sunan mai ƙarfi na saya." Na yarda da shi a kan batir, domin ya jawo akwati ya fito da guda huɗu irinsa, muka duba, siriyal ɗinsu ɗaya. A kan sikirin kuwa ban yarda ba, mutumin da ya shekara yana wannan aiki ba zai riƙe insel ya ɗauka amoled ba ne. Da na faɗi haka bai musa ba, ya ce wanda ya aika bai samu na asalin ba, shi kuma ya ji nauyin ya ce in ƙara jiran mako guda.

Muka daidaita. Ya mayar mini da kuɗin batir duka, da dubu 20 daga na sikirin, a biya biyu. Sikirin ɗin yana nan a wayar har yau, tunda ya sha gam babu inda za shi, kuma lamba nake dannawa in buɗe ta. Batir kuwa a Kaduna na saya, na tsaya a kan mai shagon ya ɗora shi a sikeli tare da tsohon nawa, bambancinsu giram ɗaya. A tafiyata ta ƙarshe zuwa makaranta na kira Inna a Udawa, na sake kiranta a Buruku, na sauka a Mando da caji 74.